Yadda ake rubuta tallar neman ma'aikaci: aikin za a siffanta, a bar siffanta mutum

Kawuna yana da ɗan gidan abinci a Hindawiyya, cikin Jidda. Tuwon shinkafa, miyar kuka, miyar taushe, masa da safe, da daddare kuma tsire, wanda mutanen Hijaz suka ara daga wurinmu suke ce masa siriya. Ni nake riƙe masa lissafi da takardun ma'aikata. Bara mai dafa masa abinci ya koma gida, sai Kawu ya rubuta talla da kansa ya watsa a zaurukan WhatsApp. Ga ta yadda take:

"Ana neman yaro matashi Bakano, mara aure, shekara 20 zuwa 25, mai ƙarfi, mai tsabta da kyan gani, mai haƙuri, wanda zai yi aikin maɗ'am. Albashi sai an zo. A turo hoto."

Cikin kwana uku saƙo ya haura sittin, waya har ɗumi take yi. Da muka zauna muka tace, waɗanda suka taɓa tuƙa tuwon mutum hamsin ba su kai biyar ba, kuma a cikinsu babu mai takardun da za a iya ɗaukarsa da su. Kawu ya ce, "Ɗan nan, yaran yanzu ba sa son aiki." Na ce, "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, ai abin da ka nema shi ya zo. Samari ka kira, samari suka amsa. Ko sau ɗaya ba ka ambaci tuwo ba."

Abin da ya faru a bayyane yake. Kawu ya rufe ido ya hango wanda ya tafi, sai ya zana kamanninsa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa hanya ce ta fitar da wannan hoton daga kai, a sa aikin a madadinsa.

Mataki na farko: ku bi aikin da ƙafa kafin ku taɓa biro

Kada ku fara da rubutu. Ku shiga inda za a yi aikin, ku bi shi yini guda daga buɗe ƙofa zuwa rufewa, kuna rubuta abin da hannu yake yi. Mu da muka yi haka a kicin ɗin Kawu, ga abin da ya fito: tuƙa tuwo sau biyu a rana, kowanne na mutum kusan tamanin, miya kala uku, auna kayan miya da faɗa wa mai sayayya abin da ya ƙare, karanta takardar odar da ke fitowa daga wurin mai karɓar kuɗi, wadda da Larabci take, tsayuwa gaban wuta awanni, kula da ranar da aka sa nama a firij. Masa akwai mai yin ta, tsire ma akwai mai shi.

Sai ku raba abubuwan gida biyu: wanda dole mutum ya zo da shi, da wanda za a koya masa cikin mako biyu. Tuƙa tuwon mutum tamanin ba tare da gudaji ba, dole a zo da shi. Karanta odar kuwa kalmomi ne da ba su wuce ashirin ba, ana haddace su. Da mun rubuta "dole ya iya karatu da rubutun Larabci", da mun kori gwanayen da makarantar allo kaɗai suka yi ko ba su yi ba sam, saboda kalma ashirin. Sharuɗɗan dole kada su wuce uku ko huɗu. Idan suka kai goma, mai kunya da sanin ya kamata zai ga ya rasa biyu ya haƙura, mai ƙarfin hali da ba shi da ko ɗaya shi zai turo.

Mataki na biyu: kowane sharaɗi a tambaye shi wane aiki yake yi

Nan ne zan daɗe, don nan ake tafka ɓarnar. Ku ɗauki kalmomin tallar ɗaya bayan ɗaya, ku tambayi kowace: wane aiki ne a kicin zai lalace idan babu ke? Idan ta kawo amsa, a rubuta amsar a madadinta. Idan ta yi shiru, a goge.

"Yaro matashi, shekara 20 zuwa 25." Na tambayi Kawu dalili, ya ce buhun shinkafa. To buhun shi ne maganar. Muka rubuta cewa aikin yana da tsayuwa mai tsawo gaban wuta da ɗaga manyan tukwane, buhu mai kilo 40 kuma mutum biyu ke ɗauka. Mai shekara hamsin da ya san jikinsa zai karanta ya yanke wa kansa hukunci, haka ma ɗan ashirin da biyu mai ciwon baya. Akwai kuma tufka da warwara a ainihin sharaɗin: kana son wanda hannunsa ya faɗa a tuwon taro, kana kuma son wanda bai wuce ashirin da biyar ba. Yaushe ya koya? Ita kanta kalmar "yaro" ku lura da ita. A bakinmu tana nufin ma'aikacin shago ko da furfura gare shi, amma magidanci mai 'ya'ya biyar idan ya gan ta a rubuce, ya san irin kiran da za a riƙa yi masa, ba zai zo ba.

"Bakano." Kawu ya ce miyar kuka yake nufi, irin ta gida. Ita miya ba ta duba fasfo. A Jidda da Makka akwai Zabarmawa, Barebari, Fulani, mutanen Damagaram da Maraɗi, Hausawan Sudan da kakanninsu suka zauna a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, da waɗanda aka haifa a nan ƙasar, wasu 'yan ƙasa ne da katinsu, Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu amma tuwon uwayensu suka ci suka girma. "Bakano" ko "ɗan Najeriya kawai" ya share waɗannan duka. Idan harshe ake buƙata, a faɗi harshen da gwargwadonsa: "jin Hausa ko Larabci daidai yadda za a fahimci juna a kicin". Idan girki ake buƙata, a faɗi sunan girkin.

"Mara aure." Wannan ya ba ni dariya da na ji tushensa: ɗakin ma'aikata ɗaya ne, gado huɗu, ba a kawo iyali. Ashe maganar masauki ce, ba ta aure ba. Muka rubuta cewa akwai gado a ɗakin ma'aikata maza, wanda ba ya so za a ba shi kuɗin haya a madadinsa. Jimla ɗaya ta buɗe ƙofa ga magidanci mai gidansa, ta kuma buɗe ga mata, waɗanda tun farko ba a ma tuna da su ba, alhali kowa ya san a hannun wa tuwo ya fi zama.

"Kyan gani" da "a turo hoto." A tallolin Larabci za ku ga "hasanul mazhar", wato kyan gani. Mu baƙaƙen fata a ƙasar nan mun san sau nawa aka fake da wannan kalma aka mayar da 'ya'yanmu daga bakin ƙofa. Abin kunya ne mu kwafo ta mu liƙa a tamu tallar. Tsabta kuwa sharaɗi ce ta gaske, kuma tana da takarda: duk mai taɓa abinci sai da shahadar lafiya ta baladiyya, wato hukumar gari, wadda ake fitarwa ta dandalin Balady. Ita za a rubuta, a faɗi ko wa zai biya kuɗinta. Hoto ba ya cikin abin da ake tace mai girki da shi. Ana karɓarsa bayan an ɗauki mutum, lokacin cike takardu.

"Mai haƙuri." Kowa ya san fassararta: albashi zai yi jinkiri, ko maigida yana da faɗa. Gogaggen ma'aikaci da zarar ya gan ta sai ya wuce. Idan cunkoso kuke nufi, ku ce daren Alhamis da bayan sallar Juma'a akwai cunkoso.

Wannan ba zancen kirki kaɗai ba ne, doka ce. Sashe na 3 na dokar ƙwadago ta Saudiyya, bayan gyaran 2019, ya ce 'yan ƙasa daidai suke a haƙƙin aiki, ba a bambanta su saboda jinsi ko naƙasa ko shekaru, kuma ya ambaci tallar aiki da sunanta, ba ɗauka kaɗai ba. Gyaran da ya fara aiki a watan Fabrairun 2025 ya ƙara ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin kada ya ware ko ya fifita masu nema saboda asali, launin fata, jinsi, shekaru, naƙasa ko matsayin aure. Tallar Kawu mai layi uku ta taka kusan duka. Kuma saƙon WhatsApp ba ya mutuwa, hotonsa ake ɗauka a tura gaba.

Wani ɗan abu game da nahawu. "Mai dafa abinci" ba namiji ba ne ba mace ba, amma da kun ce "ya kasance ya iya" kun zaɓi namiji. Hausa ta ba mu mafita biyu masu sauƙi: jam'i, "masu sha'awa su turo", ko kuma "a": "a iya tuƙa tuwo", "a zo da iƙama". A Larabci sai an ambaci biyun, ɗabbah da ɗabbaha.

Mataki na uku: sharaɗin da doka ta sa, a faɗe shi ƙarara

Kada garin gudun wariya ku ɓoye abin da ba makawa. Wanda ya shigo da bizar Umara ko ta ziyara ba shi da izinin aiki. Mai iƙama, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin wani kafili ba ya yi muku aiki sai an yi naƙali ya dawo ƙarƙashinku, ta dandalin Qiwa. Sashe na 39 ya hana ma'aikacin wani ya yi wa wani aiki ba bisa ƙa'ida ba, kuma hukuncin yana hawa kan ku biyun. Na san yadda wannan ke da ciwo a unguwanninmu, inda za ka ga gwanin gaske amma takardunsa sun mutu shekaru. Duk da haka rubuta shi a talla ya fi a bar bawan Allah ya biya kuɗin mota daga Makka, ya yi gwaji, ya ci, sannan a ce masa ba hali.

Kafin ku saki talla, ku duba abu biyu a Qiwa: ko matsayinku a tsarin Niɗaƙat, wanda ke auna yawan 'yan ƙasa a cikin ma'aikatanku, yana ba ku damar karɓar naƙali, da ko sana'ar tana cikin waɗanda aka keɓe wa 'yan ƙasa. Sayar da wayar salula da gyaranta, alal misali, tun 2016 aka keɓe su. Mai irin wannan shago idan ya rubuta "'yan ƙasa kawai" doka ya bi. Haka wanda wurin aikinsa ke cikin haramin Makka, inda wanda ba Musulmi ba ba ya shiga. Bambancin shi ne waɗannan za ku iya nuna inda aka rubuta su, "Bakano" kuwa a zuciyar Kawu kaɗai yake. Idan kuna son 'yan ƙasa su nema, ku sa tallar a Jadarat ma, dandalin gwamnati na neman aiki, kuma ku sani ba a lissafa muku ɗan ƙasa a matsayin cikakken mutum ɗaya a Niɗaƙat sai albashinsa ya kai riyal 4,000.

Kuɗin iƙama, na lasin aiki da na naƙali, sashe na 40 ya ɗora su a kan mai ɗaukar aiki. Ku rubuta haka a tallar. Dillalan biza sun cuci mutanenmu har ta kai talla mai kyau ma zarginta ake yi, don haka layin da ya ce "ba a biyan ko riyal ɗaya don neman wannan aiki" yana kawo mutanen kirki da suka riga suka ƙone.

Mataki na huɗu: kuɗi da awanni, da alƙaluma

"Albashi sai an zo" ita ce ta fi kowace kalma korar gwanaye. Mai aiki a hannu ba zai bar bakin aikinsa ya zo jin farashin da wataƙila bai kai nasa ba. Wanda ba shi da komai shi zai zo. Kawu ya ce idan ya rubuta, maƙwabta za su san sirrinsa. Na ce, "Kawu, ma'aikatanka da nasu a masallaci ɗaya suke sallah, sun riga sun sani."

Rubuta adadin yana tilasta muku yin lissafin da kuke gudu. Dokar ta ce awa 8 a rana ko 48 a mako, a Ramadan kuma awa 6 ko 36 ga Musulmi. Abin da ya haura ƙarin lokaci ne, ana biyan ladan awa ɗaya a ƙara rabin ladan awa na tushen albashi. Kawu ya yanke tushe riyal 2,400, kuɗin haya 400, na mota 200, jimla 3,000. A raba 3,000 gida 240, wato kwana 30 sau awa 8, awa ɗaya ta zama riyal 12.5. Tushen kuma, 2,400 gida 240, riyal 10 ne, rabinsa 5. Ke nan kowace awar ƙari riyal 17.5 ce. Shi Kawu a ransa awa 11 yake so, kamar yadda tsohon mai girkin ya riƙa yi. Awa uku sau kwana 26 awa 78 ke nan, kuɗinsu riyal 1,365 a wata. Ya yi shiru, ya cire hula ya mayar. A ƙarshe aka gyara tsarin: mai girki ya shigo tara na safe ya tashi shida na yamma da hutun awa ɗaya a tsakiya, tuwon dare ya tuƙa kafin ya tafi, mataimaki ya kula da zubawa. Rubutun talla ne ya tono cewa aikin mutum ɗaya da rabi ake nema a ba mutum ɗaya.

A faɗi ranar hutu. Gidan abinci ba ya rufewa Juma'a, to a rubuta wace rana ce madadinta. Hutun shekara kwana 21 ne mafi ƙaranci. Lokacin gwaji idan akwai shi a faɗi tsawonsa. Doka ba ta yarda ya wuce kwana 180 ba, mu 90 muka sa.

Mataki na biyar: ƙofar shigowa

Ana iya gyara kalmomi duka a zo a toshe ƙofa da hanyar nema. "A turo takardar tarihin aiki" ga mai tuƙa tuwo, kun tace masu iya buga takarda ne, ba masu iya girki ba. "A kira wannan lamba" kaɗai, kun kori kurma, kuma kicin wuri ne da kurame ke aiki lafiya lau. Ku ba da hanya biyu, rubutu ko saƙon murya, ku kuma yi tambaya biyu ko uku waɗanda amsarsu za ta raba muku gwani da mai gwada sa'a. Ku sa ranar rufewa. Ku fitar da tallar da Hausa da Larabci, a kuma karanta ta da murya a tura tare, saboda yawancin dattawanmu sauraro suke yi. Kada a nemi hoton iƙama ko fasfo a saƙon farko. Tambaya ta isa, takardu sai an zo gaba da gaba.

Ga tallar da muka fitar:

"Ana neman mai dafa abinci, namiji ko mace. Gidan abincin Hausa ne a Hindawiyya, Jidda, ma'aikata shida.

Aikin: tuƙa tuwon shinkafa na mutum kusan 80 sau biyu a rana, da miyar kuka, taushe da kuɓewa, lura da kayan miya da ajiyar nama. Akwai tsayuwa mai tsawo gaban wuta da ɗaga manyan tukwane, buhu mai kilo 40 kuma mutum biyu ke ɗauka. Daren Alhamis da ranar Juma'a akwai cunkoso.

Abin da ake buƙata: a taɓa dafa wa mutum 50 ko fiye, a gidan abinci ko a girkin biki, jin Hausa ko Larabci, katin ɗan ƙasa ko iƙama mai rai wadda za a iya yi wa naƙali. Karanta oda za mu koyar. Shahadar lafiya da kuɗin naƙali mu za mu biya.

Lokaci: 9 na safe zuwa 6 na yamma da hutun awa ɗaya, hutun mako ranar Lahadi. Albashi riyal 2,400, da 200 na mota, da gado a ɗakin ma'aikata maza ko 400 na haya. Ƙarin lokaci ana biya bisa doka. Kwantiragi ta Qiwa, gwaji kwana 90.

Masu sha'awa su turo rubutu ko saƙon murya kafin ƙarshen wata, su faɗi: a ina suka yi girki, mutum nawa suka fi dafa wa a lokaci ɗaya, da matsayin takardunsu. Wanda ke buƙatar wani sauƙi wajen gwaji saboda lalura ya faɗa mana. Ba a biyan ko riyal ɗaya don neman wannan aiki."

Ku lura da "ko a girkin biki". Kalma huɗu ne, amma su suka shigo da matan da suka shekara ashirin suna dafa wa ɗaurin aure da suna a Jidda ba tare da sun taɓa aiki a maɗ'am ba. Da mun ce "gogewar shekara uku a gidan abinci", babu ɗayarsu da za ta ga kanta a ciki.

Yadda za ku gane tallar ta yi ko ba ta yi ba

Yawan saƙo ba shi ne ma'auni ba. Ku karanta ashirin na farko. Idan rabinsu tambaya ce, "nawa ne albashi", "a ina ne", to akwai abin da kuka bari a duhu, ku gyara ku sake turawa. Idan duk masu nema kamarsu ɗaya, gari ɗaya, tsara ɗaya, ko dai wata kalma tana tacewa ba ku sani ba, ko kuma a zaure ɗaya kuka watsa. Zauren 'yan garinku 'yan garinku zai kawo; ku kai ta zauren mata masu girki, na mutanen Nijar, na Hausawan Sudan. Idan kuma shiru kuka ji, kafin ku zargi mutane ku dubi kuɗin da yawan sharuɗɗan.

Mu saƙo goma sha huɗu muka samu a karo na biyu. Tara sun amsa tambayoyin uku, shida takardunsu sun yi, muka kira huɗu gwaji. Kowa aka ba shi abu ɗaya: shinkafar tuwo kilo biyar, kayan miyar kuka, awa biyu, aka kuma biya shi kuɗin mota da na yininsa, tunda abincin an sayar. Kawu da mai masa suka ɗanɗana ba tare da sun san kwanon wa suke ci ba, na liƙa wa kwanukan lamba a gindi. Kwano na uku ya ci, na wata baiwar Allah ce mai kimanin shekara arba'in da takwas, haifaffiyar Sudan, Hausarta da gardin Larabci. Kawu ya ɗan yi jim, ya ce, "To buhun fa?" Na nuna masa layin da muka rubuta tun farko, mutum biyu ke ɗauka. Naƙalin ya ɗauki kusan mako uku saboda tsohon kafilinta ya yi ta jan ƙafa, a tsakanin Kawu da kansa ya koma bakin tukunya, yana mita.

Sauran goma sha ukun na tura wa kowa saƙo a ranar da aka sa hannu, layi biyu: an gode, an ɗauki wani, ba sai an jira ba. Na kuma koma duk zauren da na sa tallar na rubuta a ƙarƙashinta cewa an rufe, don har bayan wata biyu tsohuwar tallar Kawu ta "yaro Bakano" tana yawo, ana turo mana hotuna.